Ƙamus daga laccar haɗa sola: inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyo, an gama zagaye na biyu na tsamo kalmomin ƙamus daga rubutun laccar haɗa sola, mai tsawon minti 90. Kafin a tsamo kalma ko ɗaya, sai da aka saurari faifan ana bin rubutun, ana sa alamar lokaci duk bayan minti biyu. Aiki ne mai cin rai, amma in babu alamar, duk kalmar da aka yi shakka a kanta sai an sake laluben faifan tun daga farko.

Daga nan aka ƙirga kalmomin da suka fi maimaituwa:

```
grep -oE "[[:alpha:]']+" lacca.txt | sort -f | uniq -ic | sort -rn | head -80
```

Saman jerin duk "da", "na", "ya" ne, ku wuce su. Matsalar tana ƙasa. Mai rubutu ya sa "inbata" a nan, "imbata" a can, sai ƙirgen ya rabu biyu, kalmar ta faɗo ƙasa kamar ba ta da muhimmanci. A zaɓi rubutu ɗaya, sauran a ajiye su a gefensa.

Bayani kuwa, malami ba ya cewa "ga ma'ana, ku rubuta". Yakan sako shi ne bayan "wato" ko "abin da ake kira":

```
grep -niE -A2 "wato|ma'ana|ake kira" lacca.txt
```

To, a nan ne ake yin tuntuɓe, domin bayanin farko sau da yawa na gaggawa ne. A minti na 12 malamin ya ce "batir mai amfiya 200", zagayen farko kuma ya ɗauka haka, ya rubuta cewa amfiya ma'aunin girman batir ce. Sai a minti na 58 malamin ya yi lissafi:

```
12 V × 200 Ah = 2400 Wh
```

Ashe amfiya-awa yake nufi, wato yawan cajin da batir ke iya riƙewa. Amfiya ita kaɗai ma'aunin wutar da ke gudana a waya ce a wannan lokacin. Shigarwa ɗaya ta koma biyu. Saboda haka yanzu ba a rubuta bayanin kalma sai an karanta duk wuraren da ta fito. In bayanin bai yi daidai da lissafin malamin ba, bayanin ne da gyara.

Teburin ƙamus ɗin yana da gurbi biyar: kalma, sauran rubutunta, bayani a jimla ɗaya, minti, sai gurbin da ke nuna ko maganar malam ce ko gyaran mai tsamowa. Kada a cakuɗa waɗannan biyun.

Abin da ya rage shi ne haɗin batura a jere da haɗinsu kafaɗa da kafaɗa. A wurin malamin allo yake nunawa yana cewa "wannan da wannan", faifan murya kuma ba ya ɗaukar allo. An bar gurbin bayaninsu a buɗe har a samo hoton allon.