“Ta ce to”: matar da ta bar maganin tarin fuka bayan kwana tara

Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen masu tarin fuka, wato tibi, kuma kalmar da na fi jin tsoro a bakin tafinta ita ce “ta ce to”. Wata mata ce ta sa na fara tsoronta.

Shekarunta za su kai arba'in da ɗoriya, nauyinta kilo 46. Ta yi wata biyu tana tari, ta rame, gumi yana jiƙa mata tufafi da dare. Gwajin kaki ya nuna tarin fuka. Ba ta jin harshena, ni ma ko gaisuwa ban iya da nata ba. Ɗanta ne ya rako ta, yaro ɗan shekara 14, shi ke ɗan jin abin da nake faɗa. Layi ya yi tsawo a ranar, sai na ce ya tsaya a tsakaninmu.

Na zuba masa bayani a tafi ɗaya. Maganin wata shida ne. Wata biyun farko ƙwaya ce mai haɗin magani huɗu: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Wata huɗun da suka rage magani biyu ne. Gwargwadon nauyinta, za ta sha ƙwaya uku kullum da safe kafin ta ci komai. Fitsarinta zai yi ja, wannan aikin rifamfisin ne, kada ta damu. Amma in idonta ya yi rawaya, ko ta fara amai, ta dawo nan take. Na yi kusan minti biyu ina magana, yaron ya juya ya faɗa mata abin da bai wuce jimla biyu ba. Ita kuma ta daɗe tana ba shi amsa, tana dafa ƙirji, tana nuna cikinta. Ya juyo ya ce, “Ta ce to.”

Na ga bambancin tsawon maganar da idona, amma na miƙa magani na kira na gaba. Ranar da ya kamata ta dawo karɓar wani ba ta zo ba. Da mai bin sawun marasa lafiya ya samo ta, sai ya tarar kwana tara kawai ta sha, ta ajiye sauran, kuma an yi kwana 18 rabonta da shi.

Ba na ɗora laifin a kan yaron. Ɗa ba ya iya duban mahaifiyarsa ya yi mata zancen fitsarinta, sai ya tsallake wurin. Abin da ita ta faɗa kuma maganar gida ce da yake jin nauyin fitar da ita gaban baƙuwa. Daga baya na karanta binciken da Glenn Flores da abokan aikinsa suka wallafa a 2003, inda suka naɗi zaman ganin likita 13 da aka yi da tafinta a asibitin yara. Sun sami kuskure kusan 31 a kowane zama, kuma fiye da rabi na tsallake magana ne. Shi ne kuskuren da ya fi wuyar ganewa, domin abin da aka juya ba daidai ba yakan yi wa kunne banbaraƙwai, amma abin da aka haɗiye ba ya barin alama. Alamarsa ɗaya ita ce wadda na gani na ƙyale: doguwar magana ta shiga, gajeriya ta fito.

A zama na biyu na nemi tafinta wadda aka horar, mace, wadda ba ta da dangantaka da gidansu. Na roƙi yaron ya jira a waje, na kuma gode masa a gaban mahaifiyarsa don kada ya ji kamar korarsa aka yi. Kafin a shigo da matar na yi minti uku da tafintar. Na gaya mata ciwon da abin da nake son sani. Na roƙe ta ta faɗi duk abin da kowannenmu ya faɗa, ko da tana ganin ba shi da amfani, ta kuma yi magana da bakin mai maganar, ta ce “ƙirjina yana ciwo”, ba “ta ce ƙirjinta yana ciwo” ba. In kalma ba ta da takwara a harshensu, ta tsayar da ni, kada ta yi mini gyara a ɓoye. Na zauna ina fuskantar matar, tafintar tana gefenta ɗan baya kaɗan, don idona ya tsaya a kan mai ciwon. Jimla ɗaya ko biyu, sai in yi shiru a juya. Zaman ya ci ninkin lokacin da na saba, kuma dole mutum ya ware wannan lokacin tun farko.

Ban tambaye ta dalilin barin magani ba, domin wannan tambayar tuhuma ce. Na ɗauko tambayoyin da Arthur Kleinman da abokansa suka tsara a 1978 don jin yadda marar lafiya ke fahimtar ciwonsa. Takwas ne, amma uku suka buɗe mini ƙofa. Na ce, “Mama, me kuke kiran wannan ciwon? A ganinki me ya kawo shi? Mene ne kika fi tsoro a kansa?”

Ta yi shiru, ta dubi tafintar, sannan ta fara. A wurinta ba tari ba ne, wani abu aka ba ta ta ci, ya zauna a ƙirjinta yana cin ta. Ta san lokacin da aka yi, ta san da wa suka sami saɓani. Wani mai magani ya ba ta jiƙo tana sha kowace safiya don ta amayar da abin, kuma tana shan sa ne jim kaɗan bayan ƙwayoyina. Ke nan wasu ranakun ƙwayoyin ba su ma zauna a cikinta ba. Sannan tun ranar farko ta ga fitsarinta ya yi ja. Mace ce da ta riga ta rame, tana ganin jininta ya ƙare, ga magani kuma yana fitar da ragowar. Ta daure kwana tara, sai ta ce ba za ta kashe kanta ba. Duk wanda ya tsaya inda ta tsaya, da abin da ta sani, hukuncin da zai yanke ke nan. Kuma zancen jiƙon nan shi ne abin da take faɗa tun ranar farko, lokacin da take nuna cikinta.

A nan tafintar ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Na ce “ƙwayar cuta”, ita kuma ta ce kalmar da ta fi kusa a harshensu tana nufin tsutsa, wadda za ta ƙara tabbatar wa matar cewa akwai abin da amai zai fitar. Muka yi shawara a gabanta, tafintar tana gaya mata abin da muke tattaunawa don kada ta ga ana ƙus-ƙus a kanta. Muka tsaya a kan cewa wani abu ne mai rai, ƙanƙane da ido ba ya gani, yana zaune a huhu ba a ciki ba, yana bin iskar tari zuwa wani mutum.

Ban yi mata gardama a kan wanda take zargi ba. Ba zan iya raba ta da abin da ta yi imani da shi cikin rabin awa ba, kuma warkewarta ba ta rataya a kan hakan ba. Abin da nake yi a irin wannan hali shi ne in kasa abubuwan da mutum yake yi gida uku: mai amfani, wanda ba ya cutarwa, da wanda ke karo da magani. Addu'a, da abin da take ɗaurawa a jiki, da zuwa wurin wanda take samun natsuwa da shi, duk na ce ta ci gaba. Jiƙon kaɗai na tsaya a kansa, da hujja biyu. Ta farko, yana fitar da ƙwayoyin. Ta biyu, uku daga cikin magungunan huɗu, wato isoniyazid, rifamfisin da firazinamid, suna iya wahalar da hanta, kuma ban san abin da ke cikin jiƙon ba balle in san ko zai ƙara mata nauyi. Na ce, “Mama, ko ma wa ya jawo shi, abin da muka gani a kakinki wannan ƙwayar ce ke kashe shi. Ki ba ta wuri ta zauna.” Ta tambaya ko za ta iya shafa jiƙon a ƙirji maimakon sha. Na ce ƙwarai.

Zancen fitsari kuwa, baki kaɗai ba zai wadatar ba. Na sa ƙwaya ɗaya a ɗan kofi na zuba ruwa, muka jira ta narke, ruwan ya rine ya yi ja-ja. Ta karɓi kofin ta ɗaga shi wajen taga ta daɗe tana kallo. Na gaya mata hawaye da gumi ma suna iya yin wannan launin, kuma zai tafi idan ta gama magani. Sai na bambanta mata launi biyu da kyau, domin nan haɗarin yake: jan fitsari ba komai, amma in farin idonta ya koma rawaya, shawara ke nan, alamar hanta ta sha wuya, ta tsayar da magani ta zo a ranar.

Daga ƙarshe ban ce “kin gane?” ba, domin amsar wannan tambayar kullum “to” ce. Na ce, “Ina so in tabbatar na yi bayani daidai. In kin koma gida, yaya za ki gaya wa ɗanki za ki riƙa shan maganin nan?” Ta ce ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Da ban tambaya ba, da haka za ta tafi. Ukun a haɗe ake shan su lokaci guda, domin maganin yana bukatar ya taru a jini da ƙarfinsa. Na jera ƙwayoyi uku a tafin hannunta, tafintar ta sake faɗa, matar ta maimaita da bakinta, wannan karon daidai.

Da yake ta wuce kwana 14 ba ta sha ba a cikin wata biyun farko, likita ya ce a sake daga farko, aka kuma sake gwada kakinta a ga ko ciwon ya fara bijire wa rifamfisin. Bai bijire ba. Na rubuta a saman katinta harshen da take ji, da cewa a nemi tafinta mace, kada a yi amfani da ɗanta. A ƙarshen wata na biyu kakinta ya fito babu komai, nauyinta ya kai kilo 49. A ranar ce ta tambaye ni, ta bakin tafintar, ko abin nan mai bin iska zai iya kama autarta da suke kwana ɗaki ɗaya. Washegari ta kawo yarinyar aka duba ta.