Labari, fashin baƙi da ra'ayi: abin da rikicin masarautar Kano ya koya mini a teburin edita

Aikina a ɗakin labarai shi ne in karanta abin da wakilai da marubuta suka turo kafin ya fita, in kuma yanke inda za a ajiye shi, ko a shafin labarai, ko a fashin baƙi, ko a shafin ra'ayi. Abin da wannan aiki ya koya mini shi ne, kalmar da ake maƙala wa rubutu a sama ba ita ce ke nuna irinsa ba, jimlolin da ke cikinsa su ne ke nunawa. Saboda haka duk jimlar da ta zo gabana nakan yi mata tambaya ɗaya: idan gobe wani ya shigo ofis ya ce ba haka ba ne, wa zai tsaya mata, kuma da me zai tsaya? Idan amsar takarda ce, ko muryar da aka naɗa, ko abin da wakili ya gani da idonsa, to labari ne. Idan amsar ita ce an haɗa hujjoji an auna an fitar da abin da suke nunawa, fashin baƙi ne. Idan kuwa amsar ita ce haka marubucin yake ganin ya dace, wannan ra'ayi ne, ko da an rubuta shi da murya mai sanyi irin ta mai karanta labarai.

Babu inda na ga amfanin wannan tambaya kamar kwanakin ƙarshen watan Mayun 2024. Ranar Alhamis 23 ga wata, Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar 2019 wadda ta raba masarautar Kano gida biyar, wato Kano da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, kuma a ranar Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa sabuwar dokar hannu, ya sanar da mayar da Muhammadu Sanusi II kan karagar da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sauke shi a ranar 9 ga Maris, 2020. A ranar ta Alhamis kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ba da umarnin a dakata da aiwatar da dokar, sannan ranar Asabar Aminu Ado Bayero, wanda sabuwar dokar ta sauke daga sarautar Kano, ya dawo gari ya sauka a gidan Sarki na Nasarawa. Duk abin da na lissafa yanzu labari ne, domin kowace gaɓa tana da rana da takarda da shaidu, kuma mai goyon bayan kowane ɓangare zai yarda cewa hakan ya faru, ko ya yi murna ko ya yi baƙin ciki.

Amma ba haka rubutun ya riƙa zuwa teburina ba. Wani matashin wakili ya buɗe rahotonsa da cewa, a wani mataki na gyara zaluncin da aka tafka a 2020, majalisa ta soke dokar masarautu. Wani kuma, da yammacin ranar, ya rubuta cewa majalisa ta soke dokar ne domin ramuwar gayya. Rabin kowace jimla labari ne, ɗaya rabin kuma hukunci ne da marubucin ya yanke ya liƙa a jikin labarin. Na kira na farkon na ce masa, "Malam, wa ya ce zalunci ne?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk gari an sani." Na ce masa rabin gari ne ya sani, ɗaya rabin kuma abin da ya sani dabam ne, kuma dukkansu suna karanta mu. Idan wani ɗan majalisa ya faɗi haka a zaure, sai mu rubuta da sunansa, mu kuma nemi wanda ya ce akasin haka. Idan kuwa babu wanda ya faɗa sai shi wakilin, to ya cire, ko ya rubuta maƙala da sunansa a shafin ra'ayi.

Jimla ta biyun ta fi wuyar kamawa, domin ba ta zagi kowa ba, dalili kawai ta bayar. Sai dai dalilin da ke cikin zuciyar mutum ba abu ba ne da wakili ke iya gani. Yana iya ganin 'yan majalisa sun amince da ƙudiri, yana iya jin abin da suka ce ya sa su, amma duk lokacin da ya rubuta cewa an yi abu "domin" kaza ba tare da jingina wa kowa ba, ya bar labari ya shiga wani fagen. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun nemi ɗan jarida ya raba gaskiyar abin da ya faru da hasashe da kuma tsokaci, kuma a ganina hasashen ne ya fi sulalewa, domin yana zuwa a sifar bayani.

Fashin baƙi shi ne wurin da ya fi ba ni aiki, kuma shi ne aka fi fakewa da shi. Aikinsa shi ne ya amsa tambayoyin da labari bai da hurumin amsawa: me ya kawo wannan, me doka ta ce, kuma ina abin zai iya nufa. A wancan makon, fashin baƙi na gaskiya zai tuna wa mai karatu cewa saɓani tsakanin fadar Kano da gwamnati ba sabon abu ba ne: gwamnatin Jihar Arewa ta sa Sarki Muhammadu Sanusi I ya yi murabus a 1963 ya koma Azare, Gwamna Abubakar Rimi ya ƙirƙiri sababbin masarautu ya kuma aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma a 1981, har abin ya kai ga tarzoma, sannan Sabo Bakin Zuwo ya rushe waɗannan masarautu a 1983. Zai kuma bayyana tambayar shari'a da komai ya rataya a kanta, wato ko kotun tarayya tana da hurumin sauraron rikicin sarauta wanda dokar jiha ta tsara, ko kuwa tana iya shiga ta ƙofar haƙƙin ɗan Adam. Mai irin wannan rubutu yana da damar ya ce hujjar wannan ɓangare ta fi ƙarfi a kan wannan gaɓa, matuƙar ya nuna yadda ya kai ga hakan, ya kuma faɗi abin da zai iya rushe lissafinsa. Abin da ba shi da damar yi shi ne ya ce wane ne ya cancanci gadon sarauta.

Hanyar da nake gane ra'ayin da ya saka rigar fashin baƙi ba ta da wuya. Nakan duba ko marubucin ya kawo mafi ƙarfin hujjar ɓangaren da lissafinsa bai goya wa baya ba, ko kuwa ya zaɓo mafi rauninta ne domin ya ture ta cikin sauƙi. Nakan duba masanan da ya tuntuɓa, domin idan lauyoyi uku ne kuma duka ukun bakinsu ɗaya a kan batun da lauyoyi suka rabu a kai, to zaɓo su aka yi. Sannan nakan nemi kalmomin "ya kamata" da "wajibi ne" da "abin kunya ne", waɗanda da zarar sun fito daga bakin marubucin kansa, rubutun ya zama ra'ayi. Akwai wata maƙala mai kyau ƙwarai da wani malamin jami'a ya aiko mana, sakin layi takwas na farko tarihi ne da doka, na tara kuma kira ne ga wani ɓangare da ya haƙura ya janye. Mun ba shi zaɓi: ya cire na taran mu buga a matsayin fashin baƙi, ko ya bar shi mu buga gaba ɗaya a matsayin ra'ayi. Ya zaɓi na biyu, kuma ina ganin ya yi daidai, domin wannan kiran shi ne abin da ya zaunar da shi ya yi rubutun tun farko.

Shafin ra'ayi kuwa bai yafe wa kowa ƙarya ba. Marubuci yana iya cewa raba masarauta alheri ne ko ɓarna ce, amma idan ya ce an yi rabon a 2020, sai mun gyara, domin a 2019 aka yi. Kuma idan yana riƙe da sarauta a fada, ko muƙami a gwamnati ko a jam'iyya, dole a rubuta hakan a ƙarƙashin sunansa.

Inda ake maƙala alamar ma yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yawancin mutanen da rubutunmu ke isa gare su ba shafinmu suke buɗewa ba, hoton kanun labarin ne ke zuwa musu a WhatsApp ko Facebook, kuma ƙaramar alamar da ke saman shafi ba ta shiga cikin hoton. Shi ya sa muka koma sa kalmar a cikin kanun kansa, a fara da "Ra'ayi:" ko "Fashin baƙi:" sannan sauran ya biyo. Mun kuma daina amfani da "sharhi" a matsayin alama, saboda an saba kiran duka biyun da shi. A rediyo matsalar ta fi haka, domin mai sauraro a cikin a-daidaita-sahu ko a rumfar kasuwar Kwari yana kunnawa ne a tsakiyar shiri, sanarwar da aka yi a farko ta riga ta wuce shi. Don haka ya kamata a maimaita ta bayan kowace talla, musamman a shirye-shiryen siyasa da ake sayen fili, inda sojojin baka ke magana. Shirin da aka biya kuɗinsa talla ne, kuma bai dace a buɗe shi da kiɗan labarai ko a ba mai karanta labarai ya gabatar da shi ba, domin kunne ya riga ya saba gaskata wannan muryar.

Akwai iyakar abin da tambayata ke iya kamawa. Rahoto yana iya kasancewa kowace jimlarsa tana da shaida, amma ya karkata ta hanyar abin da aka sa a gaba da abin da aka tura ƙarshe, ko ta hanyar sunan da aka kira mutum da shi. A wancan lokaci, duk wanda ka kira "Sarkin Kano" kai tsaye, ka kira ɗayan "tsohon sarki", ka yanke hukuncin da kotu ba ta gama yankewa ba. Mafitar da kafafe da dama suka bi, mu ma muka bi, ita ce a ce Sarkin Kano na 15 ga Aminu Ado Bayero, Sarkin Kano na 16 ga Muhammadu Sanusi II. Wannan ma bai gamsar da kowa ba, domin wasu sun ce kiran wani na 16 amincewa ne da naɗinsa, wasu kuma sun ce ci gaba da kiran na 15 sarki ƙin bin dokar jiha ne. Abin da muka yi shi ne, muka riƙa ƙara jimla ɗaya a ƙarshen kowane rahoto mai bayyana cewa shari'ar tana gaban kotu da kuma matakin da take kai, muka kuma riƙe laƙabin iri ɗaya a dukkan rahotanni, ko da wane wakili ne ya rubuta.