Mita ta ce lafiya lau, famfo kuwa yana ta ɗaukewa

Ƙannena masu koyon haɗa na'urori, akwai wani aiki da na yi a Agege wanda ya cinye mini mako biyu, alhali da na bi shi ta hanyarsa ba zai wuce yini ɗaya ba. Wani Alhaji mai gidan haya ne ya gaji da rigimar ruwa tsakanin 'yan haya, ya ce in haɗa masa abin da zai kunna famfon rijiyar burtsatse idan tanki ya yi ƙasa, ya kashe idan ya cika, kuma ya iya ba shi umarni daga wayarsa. Na sayo allon ESP32 da rile mai bolt 5, wato makunnin da allon zai riƙa kunna famfo da shi, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, na rubuta famwaya, wato shirin da ake loda wa allon, na gwada a ɗakina kwana biyu ba ko tari. Na kai, na ɗaura, na karɓi kuɗina.

Kwana uku sai ga waya. "Injiniya, abin naka fa yana wasa da mu. Famfo ya tashi, ya mutu, ya sake tashi."

Kuskurena na farko shi ne na yanke hukunci tun ina cikin danfo. Na ce kod ne. Da na isa na ɗauko mita don in kore shakka kawai: na auna bakin cajar da ke ba allon wuta, ba a jona mata komai ba, ta ba ni bolt 5.1. Na auna tsakanin 3V3 da GND a kan allon, famfo a kashe, na ga 3.3. Na mayar da mita cikin jaka, na ce kayan wuta sun kuɓuta. Na jona laftof ta USB don in ga abin da allon yake rubutawa, na zauna awa guda, famfo ya tashi ya cika tanki ba tare da ya ɗauke ko sau ɗaya ba. Na zare laftof na tafi, kafin in kai bakin titi an kira ni. Haka na yi kwana biyar ina sauya kod, ina ƙara jinkiri a nan, ina cire layi a can.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, igiyar USB ba saƙo kaɗai take ɗauka ba, har da wuta. Duk lokacin da na jona laftof, ita ce take ciyar da allon, sai ciwon ya ɓuya. Wani dattijo mai gyaran inbata a Alaba ne ya yi mini dariya, ya ce, "Kai yaro, ka je duba mara lafiya ka ɗaura masa ƙarin ruwa, sannan kana mamakin ya tashi zaune?" Shi ya ba ni aron ƙaramin adafta mai CP2102. Da shi wayoyi biyu kawai ake jonawa: TX na allon zuwa RX na adaftan, sai GND zuwa GND. Ba a taɓa layin wutar adaftan. Ta haka kana sauraron allon yana kan wutarsa ta gidan, yadda yake idan ba ka nan. Ka sa gudun a 115200, domin da shi ESP32 yake magana lokacin tashi. Idan ka ga tarkacen alamomi marasa ma'ana, ka fara duba wannan lambar da kuma wayar GND kafin ka tsorata. Sannan ka bar laftof a kan batirinta, kuma kada hannunka ko na mita ya kusanci ɓangaren famfo mai bolt 230.

Minti goma da jona shi, famfo ya tashi, sai allon ya rubuta:

```
Brownout detector was triggered
```

ya sake tashi daga farko. Ma'anarsa, wutar da ke shiga guntun ta faɗi ƙasa da iyakar da aka sa masa, wadda a saitin asali tana wajen bolt 2.4, shi kuma ya gwammace ya sake farawa da ya ci gaba da lissafi da wutar da ba ta isa ba. Kwana biyar ke nan yana faɗin wannan magana ba mai saurare.

To, me ya sa mita ta ce 3.3? Dalili biyu ne, kuma duka laifina ne. Na ɗaya, na auna lokacin da babu nauyi. Wuta ba ta nuna rauninta sai an ja ta. Na biyu, mitar hannu irin tamu sau biyu ko uku take karantawa a daƙiƙa, tana ba ka matsakaici. Shi kuwa ESP32, idan zai aika saƙo ta wayifai, yakan zuƙi wajen miliamfiya 240 na ɗan ƙiftawar ido, abin da bai wuce 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙa ɗaya ba. Mita ba za ta ga wannan ramin ba. Masu ƙera shi ma sun ce a tanadar masa wutar da za ta iya ba da miliamfiya 500.

Amma mita tana iya nuna maka gangaren da ke kai wa ga ramin, idan ka auna a inda ya dace. Na sa baƙin bakinta a GND, jan a VIN, wato inda bolt 5 yake shiga allon. Rile a kashe: 4.6. Da rile ya kama, wanda shi kansa yana cin wajen miliamfiya 70, sai ta sauko 4.3. Wannan lambar ita ce ta tona asirin. Regiletan da ke kan allon, AMS1117, yana buƙatar abin da ke shiga ya fi abin da ke fita da kusan bolt 1.1. Don ya ba da 3.3 sai ya samu 4.4 ko sama. A 4.3 ya riga ya kasa, layin 3V3 ya koma 3.2, kuma wayifai bai ma buɗe baki ba.

Don in tabbatar, na cire allon gaba ɗaya na sa resista mai om 10, wat 5, a ƙarshen igiyar. A bolt 5 ya kamata ta ja rabin amfiya. Mita ta nuna 3.4. Cire 1.1 daga wannan, za ka ga abin da ya rage bai kai 2.4 ba. Na koma bakin cajar resistar tana nan a jone, na samu 4.6. Ke nan caja tana zubar da rabin bolt, duk da an rubuta amfiya 2 a jikinta, igiya kuma tana cinye 1.2. Igiyar nan ni na haɗa ta da hannuna, tsawonta mita uku, daga tsoffin igiyoyin caja biyu da na murɗe na naɗe da tef. Da na kwance tef ɗin, tagullar ta yi kore. Wanda ya san damina a Legas ba zai yi mamaki ba. A ɗakina kuwa da gajeriyar igiya na yi gwaji, shi ya sa komai ya tafi daidai.

Na sa caja ta kirki, waya mai kauri da ba ta kai rabin mita ba, na yi soda maimakon murɗawa, na ƙara kafasita mai maikurofarad 470 tsakanin VIN da GND. Rile a kunne, VIN ya tsaya a 4.9. Za ka ci karo da masu ba da shawarar a rubuta layi ɗaya a kod a kashe mai gadin wutar. Saƙon zai daina fitowa, gaskiya ne, amma wutar tana nan tana faɗuwa, sai dai yanzu allon zai riƙa daskarewa ko ya ɓata abin da yake ajiyewa ba tare da ya gaya maka dalili ba.

Kwana shida ana zaman lafiya, sai Alhaji ya sake kira. Nan na yi kuskure na biyu, kishiyar na farko. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: yanzu komai a wurina wuta ce. Na canja regileta, na ƙara kafasita, har na sayi sabon allo, ban buɗe siriyal in ga abin da allon yake rubutawa ba. Sabon allon ma ya ci gaba da sake tashi. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da ni, domin idan ka canja kaya ciwo bai canja ba, to abin da ka bari bai canja ba shi ne abin tuhuma. Na auna VIN, 4.9 ba motsi. Na jona adafta, sai ga wani saƙo daban:

```
Guru Meditation Error: Core  1 panic'ed (LoadProhibited)
EXCVADDR: 0x00000000
```

Wannan ba kukan yunwa ba ne. Shirin ne ya je karanta wani adireshi a ma'ajiya wanda ba a yarda a karanta ba, kuma adireshin sifili ne. Wato an miƙa masa manuni wanda ba ya nuna komai. Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne tsarin faɗuwar. Ta farko tana bin nauyi, ba ta da wurin tsayawa a cikin kod. Wannan kuwa daƙiƙa 30 cif bayan kowane tashi take zuwa, famfo a kunne ko a kashe, kuma lambobin da ke layin `Backtrace` iri ɗaya ne kowane zagaye. Daƙiƙa 30 shi ne lokacin da na sa allon ya tambayi saba ko akwai umarni daga wayar Alhaji. Na sa `Serial.println` kafin tambayar da bayanta, da kuma bayan kwatanta umarnin da ke cikin amsar. Biyun farko suka fito, na ukun bai taɓa fitowa ba. Ga wurin:

```cpp
const char* umarni = doc["umarni"];
if (strcmp(umarni, "kunna") == 0) kunnaFamfo();
```

Data ce ta ƙare a na'urar wayifai ta gidan. Allon yana jone da ita, amma amsar da ke dawowa babu `umarni` a cikinta. A irin wannan hali ArduinoJson, wato kod ɗin da ke fassara amsar, yana mayar da manuni fanko, ni kuma na miƙa shi ga `strcmp` ban duba ba. Gyaran bai fi rabin layi ba, a tabbatar `umarni` ba fanko ba ne kafin a kwatanta. Na cire katin layin daga na'urar wayifai da gangan na bar allon awa biyu, bai faɗi ba.

Tun daga aikin nan, kowane allo da zai fita daga hannuna da wannan yake fara magana:

```cpp
Serial.begin(115200);
Serial.printf("dalili=%d\n", esp_reset_reason());
```

Idan ya rubuta 1, wuta aka ɗauke aka dawo da ita, abin da ba baƙo ba ne a Agege, musamman lokacin juyawa daga Nepa zuwa janareta. Idan 9 ne, wutar ta yi rauni, sai in ɗauko mita da resistar om 10. Idan 4 ne, shirin ne ya faɗi, sai in nemi layin ƙarshe da ya fito kafin faɗuwar. Lamba 4 ba ta wanke kayan wuta ɗari bisa ɗari, domin wuta mai rawa ko tartsatsin famfo na iya rikita guntu ya faɗi kamar kod ne ya kayar da shi. Bambancin shi ne irin wannan faɗuwar ba ta tsayawa wuri ɗaya, yau nan gobe can. Idan na ga haka sai in loda ƙaramin shiri wanda ba ya komai sai jona wayifai da kunna rile da kashe shi duk daƙiƙa biyar, in bar shi a kan wutar gidan da famfon gidan. In ya faɗi da wannan ɗan shirin, ba na sake taɓa kod sai na gama da wayoyi.