Latti tun daga ƙofar sito yake farawa

Da kayanmu suka riƙa makara wajen isa ga kwastomomi, direbobi muka fara ɗora wa laifi, su kuma suka ce cunkoson hanya ne. Don a raba gardama, na sa muka yi mako huɗu muna rubuta lokaci biyar a kan kowace mota: sa'ad da aka rufe karɓar oda, aka gama haɗa kaya a sito, aka gama lodi, motar ta fita ƙofa, da sa'ad da kwastoma ya sa hannu. Cikin tafiya 40 da suka makara, 29 tun a ƙofa suka makara.

Waɗannan 29 muka bi da tambayar "me ya sa?" sau biyar, dabarar da aka san kamfanin Toyota da ita. Sharaɗina ɗaya ne: duk amsar da ba takarda ko agogo a bayanta, ba ma rubuta ta.

Motar ƙarfe 7:00 sai 8:30 take fita, saboda ana sauke kaya a sake jera su. Me ya kawo sake jerin? Kayan wanda za a fara kai wa shi ake lodawa a ƙarshe, bakin ƙofar mota, to sai ga sabuwar oda ta shigo bayan an yi rabin lodi, ta sauya tsarin hanya. Mun tarar sashen ciniki na karɓar ƙari har da safe, alhali ƙarfe 4:00 na yamma ake rufewa. Rufewar ashe a baki kawai take, kwamfuta ba ta hana kowa shigar da oda, kuma ana auna masu ciniki da yawan abin da suka sayar, babu ruwansu da lokacin isar kaya. Nan ne tushen.

Direbobin ma ba ƙarya suka yi ba. Wanda ya fita 8:30 cikin cunkoso yake faɗawa, ya kuma tarar layin sauke kayansa ya wuce, sai latti na awa ɗaya da rabi ya zama na awa uku.

Kuskuren da muka kusa yi shi ne tsayawa a tambaya ta biyu, mu ce shugaban masu lodi ne bai iya aiki ba. In amsa ta ƙare a kan sunan mutum, ina tambaya: da an sa wani a gurbinsa, abin zai daina? A nan ba zai daina ba.

Muka sa kwamfuta ta riƙa tura duk odar bayan 4:00 zuwa motar jibi, sai dai in manaja ya sa hannu. Abu ɗaya tak muka sauya, muka ci gaba da rubuta lokutan, don mu ga ko shi ne ya yi maganin. Sake jerin kaya ya kusa ƙarewa. Irin lattin sauran tafiya 11 ɗin kuwa bai ragu ba, lalacewar mota ce da kuskuren adireshi, kowanne da nasa binciken daban.