Yadda na gyara fassarar na'ura ta rahoton shekara na wani kamfanin shinkafa

A farkon shekarar 2024 wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano ya ba ni rahotonsa na shekarar 2023, shafi 38, wanda aka riga aka fassara da na'ura daga Turanci zuwa Hausa, domin in gyara shi kafin taron masu hannun jari. Da yawa daga cikin masu hannun jarin 'yan kasuwar hatsi ne da suka fi sakewa da karatun Hausa, kuma da abin da suka karanta a takardar za su yanke shawara kan dukiyarsu. Ranar farko gaba ɗaya na kashe ta ina gyaran salon jawabin shugaban kamfani, ina sauya kalmomi domin jimla ta yi daɗin karatu. Sai da yamma na lura cewa sakin layin da na fi ɓata wa lokaci yana ɗauke da adadin da ba shi ne a asalin rahoton ba, na kuwa karanta shi sau uku ban gani ba, saboda Hausar ta tafi sumul har ba ta ba ni dalilin komawa ga Turancin ba.

Washegari na ajiye maganar salo, na buga takardun biyu na jera su a kan tebur, na fara da lambobi kaɗai ina bin su da jan biro. Kuɗin shigar kamfanin a asali naira biliyan 4.25 ne, amma na'ura ta rubuta naira miliyan 4.25, wato ta rage shi sau dubu alhali alƙaluman da ido yake gani ba su canza ba. Abin da ya tabbatar mini shi ne lissafi: rahoton ya ce an samu ƙarin kashi 25 cikin ɗari a kan naira biliyan 3.4 na bara, idan kuwa aka ƙara rubu'in 3.4 a kansa, 4.25 ake samu, a biliyan. Tun daga nan duk inda aka ba da adadin bara da na bana da kason ƙari, sai na lissafa da kaina, domin ukun dole su yarda da juna.

Jadawalin ma yana da nasa tarkon. A saman kowane rukuni an rubuta ₦'000, ma'ana a ƙara sifili uku ga kowane adadi da ke ƙasa, na'ura kuma ta zubar da wannan alama a jadawali biyu, don haka 4,250,000 ya koma kamar miliyan huɗu da ɗoriya. Haka nan a ƙa'idar akanta adadin da aka sa cikin baka yana nufin asara ko abin da za a cire. A layin canjin kuɗin waje akwai asarar naira miliyan 62, abin da ba zai ba kowa mamaki ba a shekarar da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yuni, amma da bakan ya ɓace sai asarar ta zauna a jadawali kamar riba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne jimlar da ke bayanin kason riba. Daga kowace naira ɗari ta ciniki, ribar kamfanin ta sauko daga naira 12 zuwa naira 9, na'ura kuwa ta ce riba ta ragu da kashi 3 cikin ɗari. Wannan ba daidai ba ne ta kowace fuska, domin kason ya yi asarar rubu'insa, ita kuma ribar a kuɗi ta sauko daga naira miliyan 408 zuwa miliyan 382.5, raguwar da ta ɗan haura kashi 6 cikin ɗari. Maimakon in nemo wata sabuwar kalma da mai karatu bai saba da ita ba, na rubuta cewa kason ya sauko daga kashi 12 zuwa kashi 9, wanda ko ɗan kasuwar da bai taɓa karanta rahoton akanta ba zai gane.

Zagaye na biyu na ware shi ga korewa. A kwamfuta na danna Ctrl+F a cikin asalin, na nemi `not`, `no`, `without`, `unless` da `neither` ɗaya bayan ɗaya, kowace jimla da ta fito na duba takwararta ta Hausa. A nan na tarar da kuskuren da ya fi tayar mini da hankali. Asalin ya ce daraktoci ba su ba da shawarar raba riba a wannan shekara ba, fassarar kuwa ta ce sun ba da shawarar raba riba. Jimlar daidai tana da "ba" har uku, biyu na korewa ɗaya na bayarwa, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasalin da ke bambanta su a baki. Da wannan ya wuce, mutane za su zo taro suna jiran kuɗin da babu shi.

Ƙirga "ba" kaɗai bai isa ba, tun da korewar aiki mai ci gaba, kamar "kamfanin ba ya bin kowa bashi", ba ta da "ba" ta rufewa. Wurin da "ba" ta biyu ta faɗa ma yana da tasiri a doguwar jimla: a wani sakin layi na'ura ta tura ta can ƙarshe, har ta haɗiye bayanin cewa an biya haraji a kan lokaci, mai karatu ya kasa sanin ko an biya ko ba a biya ba. Na raba jimlar gida biyu, na rufe korewar a inda ta ƙare.

Kalmomin kamfani su ne na uku. Kalmar Turancin da ke nufin kuɗin ruwa ita ce kuma ke nufin sha'awa, don haka aka samu kamfanin yana biyan banki "sha'awa". Masana'anta ta zama shuka a wuri biyu, domin su ma kalma ɗaya ce a Turanci, abin da ke da haɗari musamman a rahoton shinkafa, inda maganar shuka ba ta yi kama da kuskure ba. Ƙaramin kamfanin da uwar kamfani ta mallaka, mai rajistarsa daban a Hukumar Rajistar Kamfanoni, an kira shi reshe, alhali a shari'a ba abu ɗaya ba ne. Na tsara jerin kalmomi 26 na aika wa akantan kamfanin, shi kuma ya gyara mini guda huɗu, ciki har da sunan buhun shinkafarsu da na'ura ta fassara, ya ce, "Malam, wannan suna ne, yadda yake a jikin buhu haka za a bar shi."

Sai a rana ta huɗu na koma kan salo, kuma wani ɓangare na gyaran ranar farko ya tafi a banza, domin jimlolin da na ƙawata sai da aka sake gina su. Kafin in miƙa aikin na sa wani abokin aiki ya riƙe asalin, ni ina karanta kowane adadi da ƙarfi daga Hausar, a haka muka kama kwanan watan rufe littafin lissafi da ya koma 13 ga Disamba maimakon 31.