Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda na koma karɓar kuɗin lesin a dunƙule

A makon jiya na tsaya a inda aka haɗa ni da gidan wani Alhaji a Rayfield, domin in riƙa koya wa 'yarsa lissafi. Yarinyar tana shirin shiga aji uku na babbar sakandare, jarrabawar WAEC na jiranta a shekara mai zuwa. Ni kuwa a lokacin ina zaune a Unguwar Rogo, kuma duk wanda ya san Jos ya san tsakanin nan da can ba nan kusa ba ne. Sai na hau keke zuwa Terminus, in sake hawa wata motar, wani lokaci ma in ƙarasa da ƙafa.

Mun yi ciniki a kan awa, kamar yadda akasarin masu lesin suke yi: naira 2,000 kowace awa, awa biyu a kowane zama, sau uku a mako. A takarda, zama goma sha biyu a wata ya kama naira 48,000. Da na faɗa wa mahaifiyata ta sa mini albarka, ni ma na ga kamar na samu.

Sai aka shiga watan Mayu na 2023. Ranar 29 ga wata Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin motata zuwa da dawowa ya tashi daga 600 zuwa 1,200. Wannan ne ya sa na zauna da biro na yi lissafin abin da zama ɗaya yake ci mini. Awa biyu ina koyarwa, wannan ita ake biya. Awa biyu kuma suna tafiya a hanya. Akwai wata awa guda da nake yi a gida da dare, ina duba aikin da na ba ta, ina zaɓo tambayoyin gobe. Awa biyar ke nan. In ka cire kuɗin mota daga 4,000, saura 2,800, ka raba gida biyar, kowace awa ta tashi a naira 560. Ashe awar da nake sayarwa dubu biyu, ɗari biyar da sittin ce take shiga aljihuna.

Ko wannan ma sai in an yi zaman. A watan Yuli, cikin sha biyun nan takwas kawai aka yi. Akwai biki a dangi, akwai ranar da aka kwana ana ruwa, akwai ranar da yarinyar ta ce ta gaji. Biyu daga cikin huɗun da aka fasa, sai da na isa ƙofar gida maigadi ya ce mini sun fita. An biya ni 32,000, na kashe 12,000 a mota, na tsira da 20,000. Ba wanda ya cuce ni a gidan, mutanen kirki ne, ko yau zan faɗa. Tsarin ne haka: in ana biya da awa, ranar da aka fasa asarar malami ce shi kaɗai, kuma ba zai iya sayar wa wani wannan yammacin ba tunda ya riga ya keɓe shi.

Na kai maganar wurin kawuna, wanda ya tsufa a aikin gini. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, mu ma haka muke. Akwai aikin yini, akwai jinga. Mai aikin yini in aka yi ruwa ya koma gida hannu rabbana. Mai jinga kuma in bai auna filin da kyau ba kafin ya yanka kuɗi, shi zai yi wa mai gida aiki kyauta. Kai wanne ka auna?" Na ce, "Kawu, ni nawa ba fili ba ne, kan yarinya ne." Ya ce to, kada in kuskura in yi jingar abin da ban san zurfinsa ba.

Maganar ta yi mini rana, domin da na je wa Alhaji da batun sauya tsari, jingar ya fara kawowa. Ya ce, "Malam, mu bar wannan ƙirgen awa. Faɗa mini nawa za ka karɓa gaba ɗaya, ka kai ta har ta ci jarrabawa." Tayi ne mai daɗin ji, kuɗi masu kauri a hannu lokaci guda. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, cin jarrabawa ba nawa ba ne da zan sayar. Zan iya yi maka alkawarin abin da zan koyar da yawan zaman da za mu yi. Sakamako kuwa yana hannun Allah, sannan ƙoƙarinta."

Ba tsoron alkawari kaɗai ya hana ni ba. Daga Agusta zuwa Mayu wata goma ne, kuma a shekarar da kuɗin mota ya ninka cikin mako guda, duk farashin da ka yanke na wata goma, kafin ka kai rabi ya zama ba shi ba. Sannan aikin ba shi da iyaka. "Har ta ci" na iya zama zama biyu a mako a farko, ya koma kullum idan jarrabawa ta matso, a ƙara da ƙaninta da zai zo da aikin gida, a ce Malam ɗan duba mata darasin kimiyya tunda ga ka. Kowace buƙata ƙarama ce, kunya ba za ta bar ka ka ƙi ba, kuma ba ka da abin nunawa ka ce wannan ba ya cikin ciniki. Jinga tana kyau ne ga aikin da kai da mai biya za ku iya tsayawa ku ce ga ƙarshensa. Misali, a warware tambayoyin WAEC na shekara biyar da suka wuce, a duba, a yi gyara. Wannan ina karɓarsa jinga har gobe, rabi kafin a fara, rabi in an gama.

Abin da na kai masa shi ne kuɗin wata a dunƙule, kuma daga ƙasa na gino shi. Na fara da abin da nake so kowace awa ta aikina ta gaskiya ta kawo, na sa naira 1,000. Da na lissafa da tsohon tsari na zama sha biyu, kuɗin ya haura 74,000, na san ba mai tsallakowa daga 48,000 zuwa can. Sai na duba inda kuɗin ke zurarewa, na ga hanya ce. Na mayar da zaman takwas a wata, Talata da Asabar, kowanne awa uku. Awannin koyarwa suna nan 24 kamar da, amma na hanya sun sauko daga 24 zuwa 16, kuɗin mota ya koma 9,600. Na ƙara awa goma na shiri da duba aiki, jimilla awa 50. Dubu hamsin da kuɗin mota, na ce 60,000.

Awa uku a zaune ta yi wa yaro yawa, wannan gaskiya ne, kuma da na firamare ne ba zan yi ba. Amma mai shirin WAEC dole ta saba, tunda takarda ta biyu ta lissafi, wadda ake amsa tambaya 10 cikin 13, awa biyu da rabi ce cur. Ranar Talata sallar la'asar ce ke raba mana zaman gida biyu, ta huta, ta sha ruwa, mu dawo.

Hajiya ce ta ɗauki wayarta ta raba 60,000 gida 24. Ta ce, "Malam, wato awarka ta koma 2,500 ke nan." Na ce, "Haka ne, Hajiya, in awa za a ƙirga. Amma ga abin da ke ciki." Na miƙa mata takarda guda da na rubuta da hannu. Zama takwas. Aikin gida bayan kowane zama, in duba in dawo da shi da gyara. Gwaji ɗaya a ƙarshen wata a kan tsarin jarrabawar, da tambayoyin zaɓi da na warwarewa. Sai ɗan rahoto da zai nuna inda ta ƙaru da inda take tuntuɓe. Lissafi kaɗai, ɗaliba ɗaya. Wannan layin na ƙarshe gajere ne, amma shi ya raba ni da yawan magana daga baya, domin da aka zo batun ƙaninta, takardar muka duba, muka yi masa nasa cinikin daban cikin mutunci.

A ƙasan takardar na sa sharuɗɗan fashi, kuma a ganina su ne ƙashin bayan tsarin, fiye da adadin kuɗin. Ana biya a farkon wata. In za a fasa zama, a sanar da ni tun daren jiya, sai mu rama shi cikin watan, amma ramuwa ba ta wuce biyu, don kada bashin zama ya taru ya cinye wata mai zuwa. In ranar aka faɗa mini, ko na zo na tarar ba kowa, zaman ya ƙirgu. In ni na fasa, ni zan rama ko in mayar da kuɗin zaman, naira 7,500. Rasuwa da rashin lafiya ba sa cikin wannan, ba zan taɓa cewa gidan da ake makoki su biya ni ba. Haka dokar hana fita, wadda duk mazaunin Jos ya san tana iya faɗowa ba shiri: ba laifin kowa ba ne, sai a ɗage zaman.

Alhaji ya nemi ragi, kamar yadda kowa zai nema. Ban rage kuɗin na bar aikin yadda yake ba. Na ce in 60,000 ta yi nauyi, akwai zama shida a 45,000, ko kuma a haɗa ta da wata 'yar ajinsu a unguwar, kowane gida ya ba da 40,000. Wanda ya rage farashi ba tare da ya cire komai ba, ya nuna wa mai saye cewa kuɗin farko ba na gaskiya ba ne, kuma wata mai zuwa ma za a sake taya shi. Alhaji ya yi shiru, ya ce a bar shi a takwas ɗin. Muka amince za a sake duba farashin a ƙarshen kowane zangon karatu, ba a tsakiyarsa ba.

Ban yar da ciniki da awa gaba ɗaya ba, don yana da wurinsa. Duk sabon ɗalibi, zama biyun farko da awa nake karɓa, domin a nan nake gane ko matsalarsa ta aji uku ce ko tun daga kasafi da ɓangarori ta faro. Yaron da bai iya haɗa rabi da sulusi ba, ba za ka yanka masa kuɗi ɗaya da wanda kusurwoyi kawai ke ba shi wahala ba. Haka wanda ya zo ana saura mako biyu jarrabawa, da babban mutum mai aikin ofis da ba shi da tsayayyen lokaci. Irin waɗannan awa ce daidai da su, kuma awar tasu ta fi ta cikin dunƙule tsada, kuɗin mota daban.

Tsarin wata ma yana iya lalacewa, kuma alamarsa ba ta ɓuya. In iyaye suka fara tambayar zama nawa aka yi, to rahoton ba ya isa gare su, ko ba ya nuna musu komai. In kai malami ka fara jin nauyin tashi ranar zuwa wani gida, koma ka ƙirga awanninka, galibi za ka tarar wani aiki ya shigo wanda ba ya cikin takarda. Shi ya sa nake da ɗan littafi da ɗaliba ke sa hannu a ƙarshen kowane zama, da kwanan wata da abin da muka yi.

A wata na biyu da fara wannan tsari, Hajiya ta ba wata ƙawarta da ke Bukuru lambata, mai 'ya'ya uku a aji daban-daban, tana son kuɗi ɗaya na gida gaba ɗaya. Yadda muka kwashe da ita, da abin da ya sa na fara tunanin kama ɗaki kusa da Farin Gada in riƙa tara ɗalibai wuri guda, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.