Daren Juma'a da ya kusa cinye mana diyya

Ni ke rubuta rahoton hatsari a wani kamfanin raba kaya da ke Sabon Garin Zariya. Wata safiyar Asabar direbanmu ya shigo ofis jiki a sanyaye, ya ce: "Malam akawu, daren Juma'a na bugi wata mota ta baya a Kwangila, wajen sha ɗaya da rabi." Na ɗauki biro na rubuta Juma'a, ƙarfe 11:30 na dare, ya sa hannu, na aika.

Ashe Alhamis da dare yake nufi. A lissafinmu na Hausa dare ne ke riga yini, daren Juma'a shi ne wanda in gari ya waye Juma'a ce. Ni ma haka nake faɗa a gida, amma hannuna ya bi kalandar ofis. Inshorar motar kuwa, irin ta naira 15,000 ɗin nan da ke biya wa wanda aka yi wa ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, ta ƙare ne ranar Alhamis ɗin da ƙarfe 12 na dare, ba a sabunta ba sai Litinin. Hatsarin ya faru saura rabin awa wa'adi ya cika, rahotona ya kai shi ranar da motar ba ta da inshora. Kamfanin inshora ya ce ba ruwansa, kuma bisa abin da ke gabansa bai yi laifi ba.

Takardar 'yan sanda da hotunan wayar direban, masu ɗauke da rana da lokaci, su suka fitar da mu. Ban goge kuskuren ba. Na ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta na farko, na rubuta daidai a sama, mu biyu muka sa hannu da kwanan watan gyaran. Takardar da aka shafe da farin ruwa zargi take jawowa.

Sai ga wata kuma. A wurin hatsarin, jama'a sun taru, an rubuta takarda da Turanci cewa laifin direbanmu ne, zai gyara motar. Ya sa hannu don a sarara masa, alhali ba ya karanta Turanci. Cikin sharuɗɗan inshorar akwai cewa kada a amsa laifi ko a yi alkawarin biya ba da yardar kamfanin a rubuce ba. Lauyanmu ya nuna babu shaidar an karanta masa an fassara kafin ya sa hannu, abin da doka ke nema ga wanda bai iya karatu ba. Duk da haka sai da aka yi wata biyu ana kai-komo, mai motar yana zuwa ofis kullum, kuma da gaskiyarsa.

Yanzu in direba ya ce min daren kaza, sai na tambaye shi: "Da gari ya waye, wace rana ce?" Sannan in karanta masa rahoton da Hausa, layi-layi, kafin in miƙa masa biro.